Tambayoyi da amsoshi kan lol, smh, fr da ngl a hoton hirar abokai

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin mutanen da aka turo wa hoton wata hira ta WhatsApp ko Instagram, suka karanta kalmomin duka amma gajerun baƙaƙen da ke tsakani suka hana su gane inda maganar ta dosa. Yawanci iyaye ne, ko yayye, ko wanda aka sa ya shiga tsakanin ƙawaye biyu da suka sami saɓani. Domin kada bayanin ya tsaya a iska, ga wata hira da aka ƙaga don misali, irin wadda 'yan mata biyu za su yi ana saura kwana kaɗan biki. Amsoshin da ke ƙasa za su riƙa komawa gare ta.

```
21:04  Zainab: Kin ga ɗinkin da telan nan ya min?
21:04  Hauwa: lol
21:05  Zainab: Sati 3 fa, kuma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo
21:05  Hauwa: smh wannan mutumin
21:06  Zainab: Ni ba zan je bikin ba
21:06  Hauwa: fr??
21:07  Zainab: fr
21:09  Hauwa: ngl kalar ta miki kyau, hannun ne kawai matsalar
21:09  Zainab: k.
```

1. Mene ne cikakken abin da waɗannan baƙaƙe huɗu suke nufi?

Dukkansu baƙaƙen farko ne na kalmomin Turanci. `lol` daga `laughing out loud` yake, wato ina ƙyaƙyata dariya. `smh` daga `shaking my head`, ina girgiza kai don takaici ko mamaki. `fr` daga `for real`, wato da gaske. `ngl` kuma daga `not gonna lie`, wanda in Bahaushe ne zai ce "gaskiya dai" ko "ba zan ɓoye maka ba".

Wannan shi ne mataki na farko, kuma shi ne mafi sauƙi. Mutumin da ya haddace fassarar nan huɗu zai iya karanta hirar Zainab da Hauwa ya fito da labarin da ba shi ne ya faru ba, domin kowanne daga cikinsu yana sauya aiki gwargwadon inda aka ajiye shi a jimla da kuma saƙon da ya gabace shi. Tambayoyi na 3 zuwa na 7 suna bin su ɗaya bayan ɗaya.

2. Daga ina suka fito, kuma me ya hana mutane rubuta kalma cikakkiya?

`lol` ya girmi wayar hannu irin ta yanzu. An riga an same shi a rubuce tun 1989 a wata wasiƙar labarai ta masu hira ta kwamfuta mai suna FidoNews, kuma a 2011 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da shi. Abin da ya yaɗa gajarta kalmomi a duniya shi ne saƙon tes, wanda aka ƙayyade wa harafi 160, ga kuma wayoyi masu maɓalli inda sai an danna lamba 7 sau huɗu kafin harafin s ya fito. Duk wanda ya yi zamanin da ake cire kuɗi kan kowane tes ya san dalilin matse magana. Twitter ma da harafi 140 ya fara, sai a 2017 ya ninka zuwa 280.

Yanzu a WhatsApp da makamantansa babu wannan takura, amma gajartawar ta zauna saboda ta sami wani aiki na daban: nuna murya. Rubutu ba ya ɗauke da fuska ko sautin mai magana, sai waɗannan baƙaƙe suka maye gurbinsu. Shi ya sa za ka ga mutum ya rubuta doguwar jimla babu gajartawa ko ɗaya, sannan ya liƙa `lol` a ƙarshe.

3. Idan ƙawata ta rubuta lol, dariya take mini?

Wannan ita ce tambayar da ta fi haddasa rigima, don haka za a daɗe a kanta. A mafi yawan lokuta mai rubuta `lol` da ƙananan baƙaƙe ko murmushi bai yi ba. Masanin harshe John McWhorter ya yi bayani a wani jawabi a 2013 cewa kalmar ta tashi daga nuna dariya ta koma alamar cewa "ina tare da kai, babu faɗa tsakaninmu". Hakan ya yi daidai da abin da ake gani kullum. Wanda ya rubuta "na manta ban kira ki ba lol" yana sassauta laifinsa ne. Wanda ya rubuta "har yanzu ban ci komai ba lol" yana kai kuka ne ba tare da ya so a ɗauki abin da nauyi ba.

Inda aka ajiye shi ne yake faɗin aikinsa. A ƙarshen jimla, sassauci ne. A farkon jimla, kamar "lol wa ya gaya miki", yakan ɗauki ɗan ƙanshin raini ko ƙaryatawa. Shi kaɗai a matsayin amsa, kamar yadda Hauwa ta yi da ƙarfe 21:04, yana da fuska biyu: ko dai "na gani, abin da ban dariya", ko kuma "ba ni da abin cewa". Ba za ka iya raba su daga wannan layin kaɗai ba, sai ka duba abin da ya biyo baya. Hauwa ta ci gaba da amsawa cikin minti ɗaya, ta kuma ɗora laifin a kan tela, to wannan `lol` ɗin ɗinkin take yi wa, ba Zainab ba. Da a ce daga nan ta yi shiru na awa biyu, da sai a ce ta rufe hirar ne cikin ladabi.

Akwai wurin da `lol` yake zama cin fuska ba tare da wata tantama ba: idan mutum ya faɗi abin da ya dame shi da gaske, rashin lafiya ko rasuwa ko asara, aka amsa masa da shi tsura. A nan duk wani bayani na masana bai wanke mai rubutawa ba, sai fa in kuskuren da ke tambaya ta 4 ne ya faru.

4. An ce mini lol yana nufin ƙauna mai yawa. Haka ne?

A da, a wasiƙun takarda na Turawa, wasu kan rufe da waɗannan baƙaƙe da nufin `lots of love`. A hirar waya ta yau wannan ma'anar ta mutu, sai a wurin wasu manya da suka taso da ita. Ba ƙananan mutane kaɗai abin ya ruɗa ba. A 2012, a gaban kwamitin Leveson mai binciken ɗabi'un 'yan jarida a Birtaniya, tsohuwar editar jarida Rebekah Brooks ta faɗi cewa David Cameron, wanda a lokacin shi ne Firaminista, yakan rufe mata saƙonsa da `LOL` yana zaton ƙauna yake aikawa, har sai da ta gaya masa ma'anarsa. Saboda haka idan ka ga dattijo ya rubuta ta'aziyya ya ƙare da shi, kyautata masa zato ya fi kusa da gaskiya. Idan matashi ɗan shekara ashirin ne, ba wannan yake nufi ba.

5. Wa ake girgiza wa kai idan an rubuta smh?

`smh` ba ya taɓa zama yabo. Takaici ne, ko mamakin wauta, wani abu tsakanin tsaki da "kai, Allah ya kyauta". Abin da mai karanta hoton zai nema shi ne wanda aka nufa da shi, domin mutum uku ne za su iya zama: wani na waje, abokin hirar, ko mai rubutun da kansa. A misalinmu Hauwa ta sauƙaƙa aikin, ta ce "smh wannan mutumin", wato tela. Wannan goyon baya ne ga Zainab. Da ta rubuta "sai da na ce kar ki kai masa smh", to Zainab ce ake girgiza wa kai, kuma akwai zargi a ciki ko da na wasa ne. Wanda kuma ya ce "na bar makullin a cikin mota smh" kansa yake wa faɗa.

Idan `smh` ya zo shi kaɗai, saƙon da ke samansa kai tsaye shi ne abin dubawa, sai dai in an yi amfani da tsarin amsa wani saƙo na musamman, wanda WhatsApp ke nunawa da ɗan akwati a saman amsar. Masu ɗaukar hoto sukan yanke wannan akwatin, da gangan ko bisa kuskure. Duba tambaya ta 8. Akwai kuma `smfh`, wanda aka cusa wa kalmar ashar a tsakiya don ƙara zafi.

6. Me ya sa fr ya fito sau biyu a jere a hirar, kuma ma'anar ba ɗaya ba?

Domin haka "da gaske" take aiki a Hausa ma. Hauwa ta rubuta `fr??`, tana tambaya: da gaske kike? Zainab ta amsa `fr`: da gaske nake. Alamar tambaya ce ta raba su. Akwai amfani na uku da ya fi waɗannan yawa, wato amincewa da maganar wani. Idan aka ce "zafin garin nan ya yi yawa" wani ya amsa `fr`, cewa yake "wallahi kuwa". In ya ninka shi, `fr fr` ko `frfr`, yana rantsuwa ne cewa ba wasa a ciki. Wannan salon daga Turancin baƙaƙen fatar Amurka ya fito, kamar da yawa daga cikin kalmomin da matasa ke ara a intanet, kafin ya bazu ko'ina.

Tarko ɗaya: wasu ba sa sa alamar tambaya ko da tambaya suke. Idan `fr` tsura ya biyo bayan labari mai ban mamaki, kuma wanda ya kawo labarin ya amsa da "eh mana", to tambaya ce aka yi.

7. Wanda ya ce ngl, ashe kenan a sauran maganarsa ƙarya yake?

A'a, kamar yadda mai cewa "in gaya maka gaskiya" ba ya nufin jiya ƙarya ya yi maka. `ngl` share fage ne. Yana sanar da cewa abin da ke tafe ra'ayi ne na ƙashin kai wanda mai faɗinsa ya ɗan yi nauyin baki kafin ya furta. Abin da ke biyo shi iri uku ne galibi: suka mai laushi, yabon da ba a zata ba, ko amsa wani rauni, kamar "ngl na ji tsoro".

Layin Hauwa na 21:09 ya haɗa biyu, yabon kala da amincewa cewa hannun rigar ya lalace. Lura da cewa wannan ne kaɗai saƙon da ta ɗauki minti biyu kafin ta turo. Mai yiwuwa tana auna yadda za ta faɗi gaskiya ba tare da ta ƙara wa ƙawarta ɓacin rai ba. Ɗan'uwansa `tbh`, daga `to be honest`, kusan aiki ɗaya suke yi, sai dai `tbh` ya fi yawan rakiyar suka, `ngl` kuma ya fi sauƙin kai.

8. A hoton, ta yaya zan san wa ya rubuta me, kuma ko an taɓa shi?

A WhatsApp saƙonnin mai wayar ne kaɗai ke ɗauke da alamar ✓ ta isar saƙo, kuma a wayar da aka saita da Turanci suna gefen dama, na ɗayan kuma suna hagu. Sunan da ke can sama na wanda ake hira da shi ne, yadda mai wayar ya ajiye shi. Wannan yana gaya maka abu mai muhimmanci: wanda saƙonninsa ke dama, daga wayarsa hoton ya fito, kuma shi ya zaɓi inda zai fara da inda zai tsaya.

A nan ne fassarar baƙaƙe take iya cutar da mutum. A ce Zainab cikin fushi ta yanke hoton daga layi biyu na farko kawai, ta tura wa yayarta da cewa "Yaya, dubi yadda Hauwa take mini dariya". Yayar ta nemi ma'anar `lol`, ta ga dariya ce, ta yanke hukunci. Fassararta daidai ce, hukuncinta kuma kuskure, domin `smh` da `ngl` da suka nuna goyon baya suna ƙasan inda aka yanke. Kafin ka ɗauki ɓangare, duba lokutan saƙonni ko akwai tsalle, domin mai waya yana iya goge saƙo daga nasa gefen kaɗai ba tare da ya bar wata alama ba. Duba ko akwai `Edited` a jikin wani saƙo. Tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da turawa. Duba ko wata amsa ba ta dace da abin da ke samanta ba. Sannan ka nemi a nuna maka abin da ya gabata da abin da ya biyo baya, in da hali a kan wayar kanta, tunda akwai manhajojin da ke ƙera hoton hira na bogi daga tushe.

9. To wannan k. na ƙarshe fa? Shi ma gajartawa ce?

Eh, `ok` ne aka rage. A duk hirar nan shi ne layin da ya fi nuna ɓacin rai, kuma shi ne wanda baƙon wannan salo zai wuce bai kula ba. Tsakanin matasa `okay` ko `okk` amsa ce ta lafiya lau, `k` sanyi ne, `k.` da ɗigo kuwa rufe ƙofa ne. Zainab ba ta ji daɗin cewa an tabbatar mata hannun rigar ya lalace ba, ko kuma ta so a ƙara lallashinta. Idan aka ce ka sasanta su, daga nan matsalar take, ba daga `lol` ba.

Siffar rubutu gaba ɗaya tana da magana. `LOL` da manyan baƙaƙe ko `loool` da aka ja ya fi kusa da dariyar gaske fiye da `lol`. `lol.` da ɗigo yakan zama gatse. Amma wannan ƙa'ida ta matasa ce. Mutumin da ya saba rubutun ofis yana sa ɗigo a ƙarshen komai, kuma wayoyi da dama suna mayar da harafin farko babba da kansu, don haka `Lol` ba ya nuna komai. Ma'aunin da ya fi inganci shi ne yadda mutumin ya saba rubutu a sauran ranaku.

10. Na ga ngd da ngl, na ɗauka abu ɗaya ne. Akwai na Hausa ne a ciki?

Akwai, kuma a hirar matasan Arewa suna cakuɗe da na Turanci a layi ɗaya. `ngd` na gode ne, harafi ɗaya ya raba shi da `ngl`. `slm` sallama ce, `wslm` amsarta, `ykk` ya kake ko ya kike, `lfy` lafiya, `wlh` wallahi, `mtsw` kuma tsaki ne aka rubuta yadda yake fita a baki, wanda sau da yawa yake tsayawa a inda wani zai sa `smh`. Hanyar gane su mai sauƙi ce: na Hausa yawanci kalma ɗaya ko biyu ce aka zare wa wasula, don haka in ka mayar da wasulan za ta fito. Na Turanci kuwa harafin farko ne na kowace kalma, mayar da wasali ba zai ba ka komai ba.

Daga Turancin buroka na Najeriya akwai `lwkmd`, wato dariya na neman kashe ni. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda Faransanci ke tafe da Hausa a waya, `mdr` ne ke aikin `lol`, daga `mort de rire`, mutuwa don dariya. A irin wannan hira a kula da `fr`: idan lamba ce ta gabace shi, kamar `500 fr`, kuɗin sefa ake nufi.

11. Idan na ci karo da wanda ban sani ba, ina zan duba?

Rubuta baƙaƙen a Google tare da kalmar `meaning` ko `slang`. Urban Dictionary, wanda aka kafa a 1999, yana da kusan komai, amma kowa ne ke iya rubuta ma'ana a cikinsa, kuma cike yake da barkwanci da batsa, don haka kada ka tsaya kan ma'ana ɗaya. Ɗauki wadda ta maimaitu, ka mayar da ita cikin jimlar ka ga ko ta zauna. Wannan gwajin ne ke raba gardama idan baƙaƙe ɗaya na da ma'ana biyu: `SMH` a kan labarin Ostareliya sunan jaridar Sydney Morning Herald ne, `atm` kuma a hira yakan nufi "a yanzu haka" ba injin cire kuɗi ba. Waɗanda za ka fi yawan gani kusa da huɗun nan su ne `idk`, ban sani ba, da `ikr`, ai kuwa na sani, da `brb`, ina zuwa yanzu.

12. Na gan su a wayar ɗana. Akwai zagi ko abin tsoro a ciki?

Huɗun nan babu ashar a cikinsu ko ɗaya. Masu ɗauke da kalmar da ba ta dace ba su ne irin su `wtf`, `stfu`, `af`, `lmao` da `smfh` da aka ambata a tambaya ta 5, kodayake yara da yawa na rubuta `lmao` a matsayin dariya kawai ba tare da tunanin abin da ke cikinsa ba.

Abu ɗaya ne ya cancanci iyaye su tsaya a kansa. Akwai manhaja mai suna NGL, wadda matasa ke sa adireshinta a Instagram domin mutane su turo musu saƙo ba tare da suna ba. Idan ka ga `ngl.link` a hoton, manhajar ce, ba "gaskiya dai" ba. Saƙon da ba a san mai shi ba hanya ce ta cin zarafi da ɓata suna, kuma a 2024 hukumar kare masu sayayya ta tarayyar Amurka ta hana kamfanin bai wa 'yan ƙasa da shekara 18 wannan hidima. Wannan ya isa dalilin zama da yaro a yi magana, alhali `ngl` a tsakiyar jimla bai isa ba.

13. Zan iya amfani da su ni ma?

Da sa'o'inka da ƙannenka, babu laifi. Ga mahaifi, suruki, malami ko shugaba a wurin aiki, bar su, musamman `smh` da `k`, domin girgiza wa babba kai ko amsa masa da harafi ɗaya rashin kunya ne a waya kamar yadda yake a zaure. A saƙon ta'aziyya, jaje ko neman gafara ma a rubuta kalma cikakkiya, ko da aboki ne na ƙut da ƙut. Idan kuma kana shakkar ko wanda za ka tura wa ya san ma'anar, rubuta "da gaske" ko "gaskiya dai" da Hausa; harafi kaɗan ne ƙari a kan `fr` da `ngl`.